Mai filatilet 480 tana zubar da jini, mai 42 ko ɗigo babu: a ina matsalar take?

Zainabu (ɗalibar lab):
Assalamu alaikum malamaina. Sakamako biyu ne suka ɗaure mini kai, ina neman a warware mini. Na farko magidanci ne mai shekara 35, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, inji ya ba da PLT, wato lissafin filatilet, 42. Ba haɓo, dasashi lafiya, fatarsa babu ko ɗigon ja. Na biyu yarinya ce 'yar shekara 15, tun tana ƙarama take haɓo, yanzu kuma al'adarta takan kai kwana 9 zuwa 10, tana canza audugar mata kusan kowace awa a kwanakin farko. Nata PLT 480 ne, Hb 7.8, MCV 66, a gwaje-gwajen daskarewar jini kuma PT daidai, APTT daƙiƙa 36, wato yana bakin iyakar lab ɗin amma bai haura ba. A aji an ce mana ƙarancin filatilet ke kawo irin wannan zubar jinin. To ga mai ƙaranci lafiya lau, ga mai yawa tana zuba. Me na kasa ganewa?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam Zainabu. Kafin mu shiga dogon bayani, kin duba fim ɗin jinin su duka biyun a madubin lab? Lambar da inji ya fitar ba a rantsuwa a kanta. Injin da yawancinmu ke da shi girma yake aunawa, duk abin da ya faɗa tsakanin wani ƙaramin awo sai ya kira shi filatilet. Idan filatilet sun cure a kwalbar EDTA, inji zai ga dunƙule ɗaya babba ya ƙi lissafa shi, sai ki ga 42 alhali mutum yana da 200. Idan kuma jajayen ƙwayoyin jini sun yi ƙanana sosai, kamar na yarinyar nan mai MCV 66, wasunsu sukan faɗo cikin lissafin filatilet su kumbura lambar.

Ki ja fim, ki fara leƙa wutsiyarsa da gefunansa, can dunƙulen ke taruwa. Sannan ki sa mai, ki ƙirga filatilet a fili goma a wurin da jajayen ke taɓa juna ba tare da sun hau kan juna ba. Ki raba jimillar gida goma, ki ninka da 15. Idan kin ga curewa, a sake ɗibar jini a kwalba mai shuɗin murfi, a ninka abin da inji ya ba da da 1.1 saboda ruwan sitiret ɗin da ke ciki ya sirka jinin.

Zainabu:
Na duba Malam. Na magidancin kusan uku-uku ne a kowane fili, babu curewa, kuma wasu manya-manya ne. Na yarinyar sun kai 30 a fili, girmansu daidai, ɗauke da ƙwayoyinsu na ciki.

Malam Sani:
To 45 da 450 ke nan. Inji bai yi ƙarya ba. Na bar wa Dakta fili.

Dakta Bala:
Madalla da wannan tambaya ƙanwata. Lambar PLT abu biyu kawai take gaya miki: nawa ɓargo yake fitarwa, nawa kuma ake kwashewa. Ba ta gaya miki ko waɗanda ke yawo a jini suna iya aikinsu. Bari in fara da inda suke fitowa, domin amsar magidancin tana can.

A cikin ɓargo akwai wata ƙatuwar ƙwaya, megakariyosait. Ba ta da yawa, ba ta kai ɗaya cikin dubu na ƙwayoyin ɓargo ba, amma faɗinta yakan kai maikuromita 50 zuwa 100, alhali jar ƙwayar jini 7 zuwa 8 ce. Yadda take kai wannan girman shi ne abin lura. Tana kwafe DNA ɗinta kamar za ta rabu biyu, sai ta fasa rabuwar, ta sake kwafewa ta sake fasawa. Yawancinsu sukan tsaya a kwafi 16, wato 16N, wasu su kai 64N. Da wannan tarin kwafin take ƙera furotin da fata mai yawa, ta ninke fatar a cikin jikinta tana ajiya.

Idan ta nuna, sai ta kwanta a jikin ƙananan magudanan jini na ɓargo, ta zura dogayen hannuwa ta tsakanin bangon zuwa cikin jinin da ke gudu. Hannuwan suna da kumburi-kumburi a jere kamar carbi, ta cikinsu take tura jakunkunan sinadarai zuwa ƙarshen kowane reshe. Ƙarfin gudun jini ne yake tsinke su, gutsattsarin su ƙarasa rabuwa a hanya su zama filatilet, kowanne maikuromita 2 zuwa 3, babu cibiyar gado a cikinsa. Megakariyosait ɗaya takan ba da dubu ɗaya zuwa dubu uku, ta ƙare daga ita sai cibiyarta, a cinye ta. James Homer Wright ne ya fara nuna wannan alaƙar a 1906.

A rana jikin baligi yana fitar da kimanin biliyan 100, kowanne ya rayu kwana 7 zuwa 10. Wato kusan kashi ɗaya cikin goma ake sabuntawa kullum. Ki riƙe wannan lissafin, zai yi mana amfani in an zo maganar magani. Kuma a kowane lokaci kusan kashi ɗaya cikin uku suna zaune a saifa, ba sa cikin jinin da kika ɗiba.

To magidancinki: a zazzaɓin cizon sauro saifa tana kumbura ta riƙe fiye da rabonta, garkuwar jiki kuma tana kwashe wasu da wuri. Ɓargo lafiyarsa ƙalau, sai ma ƙara himma da ya yi. Manyan nan da kika gani sababbin fitowa ne, kuma sabon filatilet ya fi tsoho kuzari. Dubu 42 masu aiki sun isa su toshe ƙananan ɓarakar da ake samu a magudanan jini yau da gobe. Zubar jini haka kawai ba ta cika zuwa ba sai an sauka ƙasa da 20, musamman ƙasa da 10. A ba shi maganin zazzaɓinsa, a sake awo bayan mako guda, galibi za ki tarar ya tashi.

Musa (asibitin karkara):
Ranka ya daɗe Dakta, wa yake gaya wa ɓargo ya ƙara himmar? Ni na san ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke sa a ƙera jini.

Dakta Bala:
Na jajayen ƙwayoyi ke nan Malam Musa, shi ne na ƙoda. Na filatilet TPO ne, kuma hanta ce babbar mai fitar da shi. An gano shi a 1994. Hanta tana zuba shi kusan daidai wa daida kullum, filatilet da megakariyosait kuma suna da makamar da ke kama shi su haɗiye. Idan suna da yawa, sai su shanye shi, kaɗan ya rage. Idan sun ragu, sai ya taru a jini ya isa ɓargo da ƙarfi. Shi ya sa mai ciwon hanta da ya yi nisa yake shan bugu biyu: TPO ya ragu, saifa kuma ta kumbura tana riƙewa. Duk wanda kuka ga filatilet ɗinsa yana zaune a 70 ko 80 wata da watanni ba dalili, ku taɓa cikinsa ku nemi saifa, ku kuma yi gwajin cutar hanta.

Malam Sani:
Dakta ka tsallake huhu. A 2017 masu bincike a San Francisco sun ɗauki hoton huhun ɓera mai rai, suka ga megakariyosait suna zubar da filatilet a can, har suka ƙiyasta kusan rabin filatilet ɗin ɓeran daga huhu yake.

Dakta Bala:
Da gangan na tsallake Malam. A ɓera ne, kuma wannan rabin har yau ana ja-in-ja a kansa. Cewa akwai megakariyosait a huhun mutum, wannan tsohon labari ne. Nawa suke bayarwa, wannan ne ba a daidaita ba. Ga mai duba mara lafiya dai, idan ɓargo ya mutu filatilet sun tafi, huhu ba ya ceton kowa, tunda su ma na huhun akasarinsu daga ɓargon suka taso.

Malam Sani:
Ban ƙi ba, amma ni ina ganin nan gaba za a sake rubuta wannan babin. Mu koma kan yarinyar.

Musa:
Ita yarinyar ai da sauƙi. A zuba jininta mil 2 a busasshiyar kwalbar gilas a ajiye minti 20, kamar yadda ake yi wa wanda kububuwa ta sara. In ya daskare lafiyarta ƙalau, a nemi matsalar a mahaifa.

Sista Rabi:
A'a Malam Musa, zai daskare ɗin, kuma hakan ba zai wanke ta ba. Gwajin minti 20 yana duba ko akwai fibirinojin da sauran sinadaran daskarewa ne, abin da dafin kububuwa ke cinyewa ke nan. Jinin da ke kwance a kwalba ba ya gudu, babu bangon da ya ji rauni, to ta ina za ka ga aikin filatilet? PT da APTT ma haka, a ruwan jinin da aka cire wa filatilet ake yin su. Duba irin zubar ma ya isa ya nuna hanya. Haɓo, dasashi, al'ada mai yawa, jinin da ya ƙi tsayawa nan take bayan yanka, wannan toshewar farko ce ta gaza. Kumburin gwiwa da jini, ko taruwar jini a cikin tsoka, ko jinin da ya tsaya sannan ya dawo bayan awanni, wannan na sinadaran daskarewa ne, irin na masu himofiliya. Maganar mahaifa kuwa, mahaifa ba ta sa haɓo tun ana shekara biyar.

Dakta Bala:
Sista ta gama magana. Yanzu mu bi abin da ke faruwa daga lokacin da bango ya tsage, mu ga inda na yarinyar zai iya tsayawa.

Lafiyayyen bangon jijiya yana fitar da sinadaran da ke kwantar da filatilet, furostasaikilin da NO, don haka suna wucewa ba sa manne masa. Jajayen ƙwayoyi kuma suna bin tsakiyar magudana, suna ture filatilet zuwa gefe, kusa da bango. Idan shimfiɗar ciki ta yage, kolajin da ke ƙarƙashi ya bayyana, jijiyar ta ɗan tsuke.

Matsalar ita ce a ƙananan jijiyoyi jini yana gudu da ƙarfin da filatilet ba zai iya cafke kolajin kai tsaye ba, kafin ya kama an wuce da shi. Nan vWF yake shigowa. Dogon furotin ne da ke yawo a jini a dunƙule. Da zarar ya manne wa kolajin, gudun jinin ya ja shi ya warware, sai wuraren kamunsa su buɗe. Filatilet yana da makama a fatarsa, GPIb, da ita yake kama vWF. Kamun ba ya daɗewa, kama-saki ne, amma ya isa ya rage masa gudu ya riƙa mirginawa a kan raunin. A wannan mirginawar ce wata makamar, GPVI, take samun damar taɓa kolajin. Wannan shi ne mannewa.

Taɓa kolajin ɗin ne yake tayar da shi. Kalsiyam ya ƙaru a cikinsa, ya bar siffar faifai ya fitar da ƙafafu ya baje a kan raunin. Ya zazzage jakunkunansa: ƙananan masu ADP da sirotonin da kalsiyam, manyan masu ƙarin vWF da fibirinojin. A lokaci guda yana ƙera turomboksen ta hanyar wani furotin nasa mai suna COX-1. ADP da turomboksen su ne kiran da yake yi wa masu wucewa su ma su farka. Turomboksen ba ya wuce kamar rabin minti kafin ya lalace, shi ya sa kiran ba ya nisa da bakin raunin.

Mataki na uku haɗuwa. Kowane filatilet yana ɗauke da GPIIb/IIIa kusan dubu 80, amma a naɗe suke, ba sa kama komai sai an tayar da shi daga ciki. Idan suka buɗe sai su kama fibirinojin. Shi fibirinojin kai biyu gare shi, wannan filatilet ya kama kai ɗaya, wancan ya kama ɗayan, a haka tulin yake girma har ya toshe ɓarakar cikin 'yan mintuna. Toshiyar ba ta da ƙwari tukuna. Sai filatilet sun juyo da wani kitse na cikin fatarsu zuwa waje, sinadaran daskarewa su taru a kansa su ƙera turombin, shi kuma ya saƙa fibirin ya ɗaure tulin, ya kuma ƙara tayar da wasu filatilet ɗin.

To kin gani Zainabu, yarinya tana iya samun 480 amma in vWF ya yi kaɗan, wucewa kawai za su riƙa yi ta kan raunin. In GPIIb/IIIa ce babu, za su manne a shimfiɗa ɗaya su kasa hawa kan juna.

Zainabu:
Na gode Dakta. Amma me ya kai nata har 480? Na ɗauka ko jikin ne yake ƙoƙarin cike gurbin aikin da ba sa yi.

Dakta Bala:
Jiki ba ya auna aikinsu, yawansu kawai TPO yake gani. Ƙarancin ayon ne ya ɗaga su. Ta daɗe tana asarar jini, ga MCV 66 yana shaida. Jajayen ƙwayoyi da megakariyosait daga uwa ɗaya suke fitowa a ɓargo, kuma idan ayon ya yi ƙaranci sai a karkata zuwa ɓangaren megakariyosait. Ki gyara ayon, lambar za ta sauko da kanta. Akwai kuma wani abu: da Hb 7.8 jajayen da za su ture filatilet zuwa bango sun yi kaɗan, don haka ƙarancin jinin da kansa yana ƙara zubar. Zuba ta kawo ƙarancin jini, ƙarancin jini ya ƙara zuba.

Famasis Usman:
Allah ya ƙara basira Dakta. Ni tambayata ɗaya ce, kuma ita ya kamata a fara yi: me take sha idan mara ta murɗa? 'Yar shekara 15 mai al'adar kwana goma, da wuya a ce ba ta taɓa zuwa kemis ba.

Zainabu:
Na tambayi mai kula da ita. Wai ibufurofen take sha, wani lokacin kuma garin maganin ciwon kai na 'yar takarda.

Famasis Usman:
To ga shi nan. Da yawa daga cikin irin wannan garin akwai asfirin a ciki, a karanta jikin takardar. Bambancin su biyun babba ne. Ibufurofen yana zama a kan COX-1 ne ya tashi, kwana guda bayan ƙwayar ƙarshe filatilet sun dawo daidai. Asfirin kuwa lalata shi yake yi gaba ɗaya, kuma tunda filatilet ba shi da cibiyar gado ba zai ƙera sabo ba, haka zai ƙare kwanakinsa ba turomboksen. Ko miligiram 75 a rana ya isa. Sai a koma lissafin Dakta na ɗaya cikin goma: mai 250 yana samun sababbi kamar 25 a rana, bayan kwana huɗu yana da kusan 100 masu lafiya, wanda ya isa yawancin buƙatu. Lissafin yakan ɗan yi jinkiri a kwana na farko da na biyu, domin maganin ya taɓa megakariyosait ɗin ma. Kafin a yi mata gwajin aikin filatilet dai, a ba ta kwana goma cur babu asfirin. Farasitamol ya ishe ta.

Ni a ganina ma ana iya tarar da cewa maganin ne duka matsalar.

Sista Rabi:
Ban yarda ba Malam Usman. Mata nawa ne suke shan ibufurofen a kan ciwon mara? A mace mai lafiya ma rage jinin al'ada yake yi. Wadda ya buɗe mata famfo, dama akwai abu a ƙasa. Kuma haɓon yarinta ya riga maganin.

Famasis Usman:
Na ibufurofen na sallama, na asfirin ban sallama ba sai an dakatar an gani.

Maman Iman:
Ku yi haƙuri in sako tawa, ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce. Maigidana yana shan asfirin ƙarami kullum tun da aka sa masa ƙarfe a jijiyar zuciya, kuma za a cire masa haƙori. Daga abin da na karanta a nan, ya daina sha kwana goma ke nan?

Dakta Bala:
A'a Hajiya, don Allah kada ya daina. Kwana goman nan na mai shirin gwaji ne. Shi maigida an ba shi ne domin kada filatilet su taru a kan ƙarfen su toshe jijiyar, kuma toshewar ta fi jinin haƙori haɗari nesa ba kusa ba. Ana cire haƙori mutum yana kan asfirin: a danna auduga minti 20 zuwa 30, a yi ɗinki in da buƙata. Ya gaya wa likitan haƙorin duk abin da yake sha, musamman in akwai kulofidogirel a haɗe, wanda shi kiran ADP yake toshewa. Dakatar da ɗayansu hukuncin likitan zuciyarsa ne shi kaɗai.

Musa:
To mu da ba mu da manyan injuna, mu yi mata gwajin lokacin tsayawar jini mana. A ɗaura abin awon hawan jini a 40, a ɗan tsaga hannu, a riƙa tsanewa da takarda duk daƙiƙa 30. In ya wuce minti 7 ko 8 an san akwai matsala.

Malam Sani:
Hanyar Ivy ke nan, kuma ka faɗe ta daidai. Sai dai zurfin yankan ya danganta da hannun mai yi, sanyin ɗaki da kaurin fata duk suna canza shi. Ga yarinyar nan kuwa, Hb 7.8 kaɗai zai iya tsawaita shi, asfirin ma haka. In ya yi tsawo ba ka san wanne ya jawo ba. In ya fito daidai bai kore ƙarancin vWF mai sauƙi ba. Manyan lab da yawa sun ajiye shi saboda haka.

Musa:
Sun ajiye domin suna da madadinsa Malam. Ni in na ga minti 18 a yaron da za a yi wa kaciya, ai na san in hana wanzami taɓa shi.

Malam Sani:
Wannan gaskiya ne, mai tsawo sosai yana magana. Tsorona mai fitowa daidai ne, a ce an wanke yaro a kai shi. Tambayar uwa ta fi shi amfani: cibiyarsa ta yi jini? Da aka cire masa belu fa? Da haƙoran yarinta suka faɗi? Akwai wanda aka taɓa ƙara wa jini a dangi bayan haihuwa ko kaciya?

Akwai abu biyu marasa tsada da za su rage mana hanya a kan yarinyar. Na ɗaya, a huda yatsa a ja fim kai tsaye ba tare da EDTA ba. Filatilet masu lafiya za su taru ƙungiya-ƙungiya. In kin gan su warwatse ɗai-ɗai, ki yi zargin GPIIb/IIIa. Na biyu, jini a kwalbar gilas mara komai, a ajiye a zafin digiri 37 na awa ɗaya zuwa biyu. Gudan jinin ya kamata ya tsuke ya janye daga jikin kwalbar ya matso ruwa, kuma filatilet ne ke jan zaren fibirin da wannan makamar. In ya zauna cike da kwalba kamar yadda aka zuba shi, alhali filatilet suna da yawa, cutar Glanzmann, wato rashin GPIIb/IIIa, ce a gaba.

Dakta Bala:
Zainabu, iyayenta 'yan uwa ne? Uwar fa, yaya nata jinin?

Zainabu:
Auren zumunci ne Dakta, ɗan wa da 'yar ƙani. Uwar kuma an ƙara mata jini bayan haihuwa biyu. Na yi gwaje-gwajen Malam Sani: a fim ɗin yatsa sun taru sosai, gudan jinin kuma ya tsuke cikin awa ɗaya.

Dakta Bala:
To an rage. Auren zumunci shi ya sa na tuna da Glanzmann da Bernard-Soulier, domin su sai an gado daga uwa da uba duka. Gudan da ya tsuke ya nisanta ta farko. Ta biyu, wadda GPIb ce babu, takan zo da manya-manyan filatilet da lamba ƙasa, nata kuwa girmansu daidai ne kuma 480. Uwa mai zuba da 'ya mai zuba, ga APTT a bakin iyaka, ya fi kama da cutar von Willebrand, wato ƙarancin vWF ko gazawar aikinsa, wadda iyaye ɗaya ya isa ya gadar. APTT ɗin yana leƙa sama ne domin vWF shi ke goye da sinadarin daskarewa na takwas a jini, in ya ragu shi ma ya ragu. Erik von Willebrand ya bayyana ta a 1926 a wani dangi na tsibiran Aland, kuma yarinyar da ya fara gani jinin al'ada ne ya yi ajalinta. Amma ban rufe ƙofa ba. Matsalar jakunkunan ADP tana iya ba da wannan hoton sak, kuma ita sai injin auna haɗuwar filatilet.

Abin yi yanzu ba ya jiran suna. A dakatar da asfirin da ibufurofen. A fara ayon, a ci gaba wata uku bayan Hb ya dawo. Turanekzamik asid, mai hana gudan jini narkewa, giram 1 sau uku a rana a kwanakin zubar, zuwa kwana huɗu, likitanta ya daidaita da nauyinta. Kada a yi mata allurar tsoka. In haɓo ya zo ta sunkuyar da kai gaba, ta matse tattausan hancin minti goma ba sakewa. Desmofuresin, mai ɗaga vWF, kada a ba ta sai an san nau'in cutar, domin a nau'in 2B yana iya faɗar da filatilet.

Sista Rabi:
Ni da zan so a fara mata ƙwayoyin daidaita al'ada yanzu Dakta. Wata biyu nan gaba a wannan zubar za ta kai Hb 6.

Dakta Bala:
In zubar ba ta lafa da turanekzamik ba a wata mai zuwa, ina tare da ke. Damuwata isturojin yana iya ɗaga vWF ya rufe mana hoton. In dai za a fara, a ɗebi jinin gwajin tukuna.

Malam Sani:
To ga yadda za a ɗeba Zainabu, domin a nan ake ɓata shi. Kwalba mai shuɗin murfi, a cika ta daidai layi. Yarinyar ta zauna ta huce kafin a soke ta, domin tsoro da gudu da zazzaɓi duk suna sa bangon jijiya ya zubo vWF ɗin da ya ajiye, ki samu lamba mai kyau ta ƙarya. Kada ki sa cikakken jinin a firiji ko kan ƙanƙara, sanyi yana sa a rasa vWF da sinadari na takwas, ki samu lamba ƙasa ta ƙarya. Ki juya shi a inji ki raba ruwan cikin awa huɗu, ki daskarar, a kai shi a daskare. A nemi yawan vWF, da aikinsa, da sinadari na takwas, uku tare. Ki rubuta rukunin jininta a takardar, masu rukunin O nasu yakan yi ƙasa da na saura da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. In vWF ya fito ƙasa da 30 ya tabbata. Tsakanin 30 da 50 da irin wannan tarihin, likitoci za su kula da ita a matsayin mai cutar. In ya fito 60 ko 70, kada ki ce an gama, a maimaita bayan wasu makonni lokacin da Hb ya ɗan farfaɗo, a kuma ɗebi na uwar a rana ɗaya.